Bakwai da rabi na me? Moton niƙa da aka saya ta waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da injin niƙa a Tudun Wada, Zariya. Tsohon motona ya mutu bayan shekaru yana aiki, sai na kira ƙanin matata da ke Kano na ce ya sayo min mai bakwai da rabi, irin wanda nake da shi. Sabon yana gudu kamar zai tashi, amma da an zuba masara sai ya durƙushe ya yi zafi. Sau biyu ke nan ina kai shi naɗi. A jikinsa an rubuta 7.5 HP da 2900, a jikin tsohon kuma 7.5 kW da 1450. Jabu aka sayar mana? Ina tunanin in ci bashi in sayi mai doki 20 in huta, in ma ƙara inji na biyu kafin kaka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ajiye maganar jabu tukuna, ka kuma ƙyale yaron nan, abin da ka aike shi ya sayo maka. Ka ce masa bakwai da rabi, ya shiga kasuwa ya ce bakwai da rabi, mai shago ya miƙo masa bakwai da rabi. Laifin naka ne, domin ka sayi abin da ke ciyar da gidanka ta waya da lamba ɗaya tak, alhali farantin ƙarfen da ke manne a jikin tsohon moton yana ɗauke da duk abin da ake bukata, kuma wayar da ka kira shi da ita tana ɗaukar hoto.

Ƙarfin doki, wato HP, da kilowat, wato kW, duk awon abu ɗaya suke yi, amma ba girmansu ɗaya ba. Doki ɗaya wat 746 ne, wato kusan kashi uku cikin huɗu na kilowat. In kana da HP kana son kW, ka ninka da 0.746; in kW kake da shi kana son HP, ka raba da 0.746. Tsohon motonka mai 7.5 kW doki 10 ne. Sabon mai 7.5 HP kuwa bai wuce kilowat 5.6 ba, wanda masu ƙera moto ke rubutawa 5.5 kW. Wannan lamba ta bakwai da rabi ta fi kowace cin kuɗin mutane, saboda tana cikin jerin nan biyu duka, kuma a kasuwa in ka ambaci lamba ba ka ce komai ba, doki ake ɗauka kana nufi. Tun kafin a ɗaura bel, ka riga ka yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinka. Wani lokaci za ka ga PS ko CV maimakon HP; wannan dokin wat 735.5 ne, bambancin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, kada ya hana ka barci.

Amma ba wannan ne ya ƙona maka moto ba shi kaɗai. Lambar nan ta biyu, 2900 da 1450, ta fi yin ɓarna, kuma ita ce masu saye ba sa kallo sam. Adadin juyawar shaf ne a minti ɗaya, wato rpm. A wutarmu mai 50 Hz, moto mai fol biyu, wato kan maganadisu biyu a naɗinsa, yana juyawa wajen sau 2900, mai fol huɗu wajen 1450. Abin da ke murƙushe ƙwayar masara tsakanin faranti biyu shi ne ƙarfin murɗawar shaf, wanda ake aunawa da Nm, kuma kilowat ɗaya zai iya ba ka murɗawa mai yawa a hankali ko kaɗan da sauri. Lissafin bai fi layi ɗaya ba:

```
Nm = 9550 × kW ÷ rpm
```

Tsohon naka: 9550 sau 7.5, a raba da 1450, ya ba da kusan 49 Nm. Sabon: 9550 sau 5.5, a raba da 2900, ya ba da 18 Nm. Ka ga ba ƙaramin gibi ba ne, kaɗan ya ɗara kashi ɗaya cikin uku. Kuma na san fulin tsohon moton ka cire ka sa wa sabon, ya shiga daram, domin shaf ɗinsu duka milimita 38 ne. Sai ka sa injin niƙan yana gudu ninki biyu, yana neman ƙarfin da ko tsohon moton ba zai iya bayarwa ba, daga moton da bai kai shi ba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne moto ba ya cewa a'a. Irin wannan moton yana iya jan ninki biyu ko fiye na murɗawar da aka rubuta masa na ɗan lokaci, sai dai yana yi ne da zuƙar wuta fiye da kima. Zafin da ke cikin waya kuwa yana tashi ne da ninkin wutar sau kanta: wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Shi ya sa yake niƙa kwano biyu uku lafiya, sannan ka ji sautinsa ya yi ƙasa, bel ya fara kuka, jikinsa ya gagari tafin hannu, sai warin fenti mai ƙuna. Mai naɗi zai karɓi kuɗinka sau goma in ka kai sau goma. Ba zai iya mai da moton 5.5 kW ya zama 7.5 kW ba, domin ƙarfen cikinsa iya abin da zai ɗauka ke nan, kuma duk wanda ya ce zai ƙara maka ƙarfi da waya mai kauri, kuɗin wayar kawai yake so.

Akwai ma alamar da ta yi maka magana ranar da aka kawo shi, in dai motocin biyu masu bin girman IEC ne, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa na jikin moto. Moton 7.5 kW mai 1450 yawanci jikinsa 132M ne, na 5.5 kW kuma 132S. Tsayin shaf daga ƙasa ɗaya ne, milimita 132, amma tazarar ramukan ƙafa ta tsawo 178 ce a na farko, 140 a na biyu. Ina kyautata zaton noti biyu sun ƙi haɗuwa da ramukan gindi, aka kira mai walda ya huda sababbi. Duk ranar da sabon moto ya ƙi zama inda tsoho ya tashi, a dakata a karanta faranti kafin a kira mai walda.

Yanzu me za ka yi da wanda ke hannunka? Za a iya rage fulin moto zuwa rabin faɗinsa, ko a ninka na injin niƙa, gudun ya dawo daidai. Wannan zai ba ka kwatankwacin 36 Nm a inda kake da 49 a da. Zai yi aiki in ka rage zubi kuma ba ka matse farantan niƙa sosai ba, amma buhunan da kake niƙawa a yini za su ragu, kuma ƙaramin fuli yana sa bel santsi da saurin cinyewa. Fuli yana musanya gudu da murɗawa ne kawai, ba ya haifar da kilowat. Ni dai shawarata ka sayar da shi tun yana juyawa, ka faɗa wa mai saye gaskiyar cewa an yi masa naɗi biyu. Masu famfon ban-ruwa da masu abin hura iska moto mai 2900 suke nema. Ka cika kuɗi ka sayi 7.5 kW, 1450, layi uku, mai alamar S1, wato wanda aka yi don aiki ba tsayawa. Kafin nan ma ka kai tsohon wurin mai naɗi na kirki ya duba. In koyil ne kawai ya ƙone, ƙarfen ciki bai lalace ba, gyaransa ya fi maka wannan sabon.

In ka je saye, ka je da ƙafarka ko ka tura hoton farantin, kuma ka duba layin wuta, wanda aka rubuta da A. A kan 400 V, moton 7.5 kW na gaskiya yana nuna wajen 15 A, na 5.5 kW wajen 11 A. In faranti ya ce doki 10 amma wutar 11 A ce, ɗaya daga cikinsu ƙarya yake, kuma ba wutar ba ce. Faranti mai sabon ƙusa a jikin tsohon moto shi ma abin tambaya ne. A kayan gwanjo kana iya cin karo da murɗawa a lb-ft ko kgf·m: na farko ka ninka da 1.356, na biyu da 9.81, ka samu Nm. In ka ga 60 Hz da 1750, na ƙasar da wutarsu ta bambanta da tamu ne, a nan zai yi gudu da kashi biyar cikin shida na abin da aka rubuta, ƙarfinsa ma ya ragu kusan haka. Sannan ka sa a haɗa maka abin katse wuta in lodi ya yi yawa, a saita shi daidai da A ɗin faranti. Da yana nan, da ya yi ta katsewa yana ba ka haushi, amma da ba ka biya naɗi ko ɗaya ba.

Maganar doki 20 kuwa, a nan ne raina ya ɓaci. Mutumin da bai gama gane moto ɗaya ba yana zancen bashi da inji na biyu. Doki 20 kilowat 15 ne, yana jan wajen 29 A, yana son waya mai kauri, sabon abin tayarwa, ƙarin bel, kuma murɗawarsa ta kusan 98 Nm za ta sauka ne a kan shaf da boris na injin da aka ƙera don rabin haka. Ga kuma janareta. Na taɓa zama da wani mai injin casar shinkafa ta wajen Samaru da ya sayi janareta 10 kVA don moton doki 10, wai goma ta yi daidai da goma. Lambar kW da ke jikin moto abin da yake fitarwa ne ta shaf, ba abin da yake ci ba. Moton 7.5 kW yana cin wajen 8.5 kW, wanda ya kai kusan 10 kVA yana cikin tafiya, lokacin tashi kuwa yana fizgar ninki biyar zuwa bakwai na wutarsa. Duk sanda bawan Allah nan ya danna maɓalli, janaretan sai ya yi tari ya mutu. Ya sayar da shi da asara ana tsakiyar kakar shinkafa, masu kawo masa kaya suka koma wani wuri, wasunsu ba su dawo ba. Moton doki 10 da ake tayarwa kai tsaye yana son janareta wajen 25 zuwa 30 kVA. Ka ninka wannan biyu ka ga abin da doki 20 zai jawo maka, ban da man da zai sha kullum yana jan rabin lodi.

Ka sayi littafi, ka kwafe farantin kowane inji da ke shagonka: kW, HP, rpm, V, A, Hz, lambar jiki, da faɗin fuli biyun. Ranar da aka ɗaura moton da ya dace, ka sa mai gyara ya maƙala mitarsa a kowace waya cikin ukun ana tsakiyar niƙa, ka rubuta abin da ta nuna. Sannan ka riƙa rubuta buhu nawa ka niƙa, nawa ka kashe a wuta da mai, har kakar nan ta wuce. In littafin ya nuna kana mayar da masu niƙa gida saboda layi ya yi tsawo, ka sake rubuto min mu yi lissafin inji na biyu.