Awon yaro ya tsaya cik: yadda ake karanta katin girma da makin z

Tambaya: Likita, ɗana yana da wata 12. A wata 6 nauyinsa kilo 7.5 ne, a wata 9 kilo 7.6, yanzu ma 7.6, tsawonsa kuma santimita 73. An rubuta mini −2.1 a katinsa, alhali a wata 9 an ce lafiyarsa ƙalau. Mene ne ma'anar wannan lamba? Daga wata uwa.

Amsa: Malama, wannan lamba ita ake kira makin z, kuma aikinta shi ne ta nuna nisan da ke tsakanin awon ɗanki da awon yaron da ke tsakiyar sa'o'insa masu ƙoshin lafiya. Ma'aunin da ake kwatantawa da shi Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar a 2006, bayan an auna yara sama da 8,000 a Brazil da Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka. A jikin katin akwai layukan da suka lanƙwasa suna hawa: na tsakiya shi ne 0, ƙarƙashinsa akwai −2 da −3, wasu katunan kuma har da −1. Tazarar da ke tsakanin lamba da lambar da ke bin ta, kamar daga −2 zuwa −3, ita ce taki ɗaya, don haka −2.1 na nufin yaron ya ɗan gota taki biyu ƙasa da tsakiya.

Ga yadda lissafin ɗanki ya fita. Ga namiji ɗan wata 6, tsakiya kilo 7.9 ne, layin −1 kuma 7.1, saboda haka 7.5 ta faɗa daidai rabin hanya, wato −0.5. A wata 9 layin −1 ya hau zuwa 8.0, layin −2 kuma 7.1, sai 7.6 ta zama kamar −1.4. A wata 12 tsakiya ta kai 9.6, layin −2 ya kai 7.7, shi kuwa yana nan a 7.6, ya koma ƙasan layin. Bai rage ko giram ɗaya ba, layukan ne suka hau suka bar shi. Yaron da ke tsakiya yakan ƙara kimanin kilo 1.7 a cikin waɗannan watanni shida, naki ya ƙara giram 100 kacal.

Wanda ya ce miki lafiyarsa ƙalau a wata 9 ɗigon awo ɗaya ya duba a katin, kuma shi ɗigon bai yi ƙarya ba, domin −1.4 yana cikin iyakar da ake ɗauka ta lafiya. Kuskuren shi ne ba a haɗa shi da ɗigon wata 6 ba. Da an ja layi tsakaninsu, da an ga layin ya kwanta a lokacin da ya kamata ya hau, kuma a ganina ranar ce ta dace a fara bincike, ba yau ba.

Nauyi bisa shekaru kaɗai ba ya bambanta gajeren yaro da ramamme, shi ya sa tsawon da kika ambata ya yi amfani. Tsakiyar tsawo a wata 12 santimita 75.7 ce, taki ɗaya kuma kusan 2.4, don haka idan aka cire 75.7 daga 73 aka raba da 2.4 za a sami kamar −1.1, wanda bai kai tsumburewa ba. Amma idan aka kwatanta nauyinsa da tsawonsa, namiji mai santimita 73 tsakiyarsa kilo 9.1 ce, layin −2 kuma 7.7, layin −3 yana 7.2. Ɗanki yana kusan −2.2, wato rama matsakaiciya. Haka aka saba gani idan matsalar ba ta daɗe ba: nauyi ne ke fara tsayawa, tsawo ya biyo baya idan abin ya ja lokaci, girman kai kuma shi ne na ƙarshe. Ki kai shi a duba shi cikin wannan makon, ki tafi da katin, kuma ki shirya faɗin abin da ya ci jiya tun daga safe har dare, da ko yana yawan gudawa, amai, tari ko zazzaɓi. Idan ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko ya ƙi cin komai, ko jikinsa ya yi lakwas, kada ki jira wata rana.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce sabuwa. An kawo mini jaririya 'yar wata 4, bakwaini ce da aka haifa a mako na 32, nauyinta kilo 4.8. Na ɗiga ta ta faɗa ƙasan −2. Na yi daidai?

Amsa: Ɗigon ya tafi inda bai kamata ba, domin ba a gyara shekarunta ba. Ana lissafin cikakken ciki a kan mako 40, ita kuma ta zo da saura mako 8, wato kusan wata biyu, saboda haka a layin wata 2 za ki ɗiga ta. A katin 'yan mata, layin −2 na wata 4 kilo 5.0 ne, shi ya sa ta faɗa ƙasansa. A wata 2 kuwa tsakiya 5.1 ce, layin −1 kuma 4.5, sai ta zauna tsakaninsu ba tare da wata damuwa ba. Ga jaririyar da ta zo da wuri haka, ana ci gaba da wannan gyara har ta kai kusan shekara biyu, kuma ki riƙa rubuta shekarun biyu a gefen ɗigon don mai zuwa bayanki ya gane abin da kika yi.

Tun da kin fara aikin, ga wuraren da hannu ke zamewa. Ki tabbata katin na jinsin yaron ne, domin na maza da na mata ba ɗaya ba ne. Ki lissafa shekaru daga ranar haihuwa, ki ɗiga a kan cikakken watan da ya cika, kada ki ɗauki abin da aka faɗa miki da ka. A tuɓe ake auna jariri, bayan an mayar da sikeli kan sifiri, kuma in da hali sikeli ɗaya ake amfani da shi kowane zuwa. Jiƙaƙƙen ƙunzugu kaɗai yana iya ƙara nauyin da zai ɓoye rashin ƙaruwa na wata guda. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna tsawonsa a kan allon awo, mutum ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya miƙar da gwiwoyi. Daga shekara biyu sai a tsaye, kuma awon tsaye yakan gaza na kwance da santimita 0.7, don haka idan dole ta sa aka auna ɗan shekara biyu a kwance sai a cire wannan kafin a ɗiga. Duk ɗigon da ya yi tsalle mai ban mamaki, musamman tsawon da ya ragu, kuskuren awo ne har sai an sake aunawa.

Tambaya: 'Yata tun haihuwa tana bin layin −2, ba ta taɓa hawa ba, amma tana wasa tana cin abinci. Tamowa ce? Daga wani uba.

Amsa: Malam, ba lallai ba ne. Cikin kowane yara 100 masu lafiya, kimanin biyu za su faɗa ƙasan −2 ba tare da wata cuta ba, musamman idan iyayensu ƙanana ne. Idan layinta yana hawa kafaɗa da kafaɗa da layin katin, nauyinta ya dace da tsawonta, kuma tana zama da rarrafe da magana a kan lokaci, ta fi kama da ƙaramar yarinya mai lafiya. Sai dai wanda ke kan iyaka ba shi da rara, saboda haka a ci gaba da awo a kan kari, kuma a duba tsawonta sau ɗaya a kwatanta da na iyayenta.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a fannin lafiya. An ce in rubuta rahoto kan yaron da girmansa ya tsaya, amma lambobi kawai nake jerowa. Me ya kamata rahoton ya ƙunsa?

Amsa: Rahoto mai amfani shi ne wanda wani ma'aikaci da bai taɓa ganin yaron ba zai karanta ya san abin da aka auna, yadda layin ya tafi, hukuncin da ka yanke da dalilinsa, sannan abin da za a yi da ranar da za a yi shi. Lambobi su ne shaida, hukuncin kuwa naka ne, kuma dole ka rubuta shi a fili. Bari in yi amfani da yaron tambayar farko, in ɗauka cewa an duba shi an sami sauran bayanan da zan ambata. Da ni ne, haka zan rubuta:

"Namiji, wata 12, an haife shi da cikakken ciki. Nauyi kilo 7.6 a tuɓe, tsawo santimita 73.0 a kwance, kaurin damtse santimita 12.2, babu kumburin ƙafa. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006: nauyi bisa shekaru kimanin −2.1, tsawo bisa shekaru kimanin −1.1, nauyi bisa tsawo kimanin −2.2. Makin nauyi ya sauko daga kimanin −0.5 a wata 6 zuwa kimanin −1.4 a wata 9 zuwa kimanin −2.1 yau, ƙarin giram 100 cikin wata shida. Tsayawar ta fara ne lokacin da aka soma ba shi abinci tare da nono. Yana cin abinci mai ruwa-ruwa sau biyu a rana, ya yi gudawa sau biyu tun daga wata 9. Yana da kuzari, yana karɓar abinci, ba a ji wani abu a zuciya ko huhu ba. Hukunci: tsayawar girma da rama matsakaiciya, babu tsumburewa, abin da aka fi zato shi ne ƙarancin ci, gudawa kuma ta ƙara. Shiri: a ci gaba da shayarwa, a ba shi abinci mai kauri sau uku zuwa huɗu a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, a duba jininsa, a sake awo bayan mako biyu da sikelin nan. Idan bai ƙaru ba, a bincika tarin fuka, ƙanjamau, cutar fitsari da ta hanji. A tura shi nan take idan nauyi bisa tsawo ya sauka ƙasan −3, ko damtse ya gaza santimita 11.5, ko ƙafafu biyu suka kumbura."

Ka lura na rubuta damtse da kumburi tun a layin farko. Daga wata 6 zuwa 59, damtsen da ya gaza 11.5 tamowa ce mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 kuma matsakaiciya. Kumburi kuwa yana lalata lissafin makin z gaba ɗaya, domin ruwan da ya taru a jiki yana ƙara nauyi, har yaron da ke cikin haɗari ya fito da maki mai kyau a kati. Ana gane shi ta danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan rami ya zauna a dukkansu, tamowa mai tsanani ake rubutawa ko mene ne makin.

Abu ɗaya game da lissafin hannu: raba tazara da taki ɗaya, kamar yadda na yi wa tsawo, yana fita daidai a tsawo, amma a nauyi ƙiyasi ne kawai, domin takin nauyi ba ɗaya ba ne sama da ƙasa. A wata 12, daga tsakiya zuwa −1 kilo 1.0 ne, daga −2 zuwa −3 kuwa giram 800. Don haka idan daga jadawalin takarda ka karanto makin, ka rubuta "tsakanin −2 da −3", ko ka sa "kimanin" a gaban lambar. Lamba mai ɗigo ba tare da "kimanin" ba sai idan manhaja irin su WHO Anthro ce ta lissafa maka, kuma ka ambaci hakan a cikin rahoton.