Ciniki na tafiya amma kuɗin haya na gagara: yadda ake yanka farashin hijabi

Tambaya: Malam, ina da shagon haya a Kano inda nake ɗinka hijabai da teloli biyu. Ni nake yanka, ni nake zaman shago. Kowane hijabi yana cin yadi uku, ina sayen yadi ɗaya naira 1,200 a Kantin Kwari, tela kuma 500 nake ba shi. Ina sayarwa 5,000, kenan ina da ribar 900 a kowanne, kuma a wata nakan sayar da kamar 200. Hayar shekara 360,000 ce, amma duk lokacin da ta zagayo sai na taɓa jari. Ina kuɗin ke shiga, kuma nawa ya kamata in riƙa sayarwa?

Amsa: Hajiya, wannan 900 ɗin a takarda kawai take. Ɗauko biro mu bi hijabi ɗaya tun daga kasuwa har hannun mai saye. Inda ba ki ba ni adadi ba zan sa na misali, ke kuma ki musanya da naki na gaskiya.

Mu fara da yadin. Ba yadi uku-uku kike saye ba, bandir kike ɗaukowa. A ce bandir ɗin yadi 50 ne, kuɗinsa 60,000, ga dako da kuɗin adaidaita sahu zuwa shago, mu ce 1,600. Ya tashi 61,600. Hijabi 16 zai ba ki, sauran yadi biyun kuma ba za su yi cikakken hijabi ba, ƙyalle ne, amma kin biya kuɗinsu. Raba 61,600 gida 16, sai ki ga yadin kowane hijabi 3,850 ne, ba 3,600 ba. Wannan ma idan bandir ya cika ke nan kuma babu tabo ko zarewar zare a tsakiya. Shi ya sa nake son ki daina lissafi da abin da aka rubuta a jikin bandir, ki riƙa rubuta adadin hijaban da suka fito daga cikinsa bayan an gama yanka. Ranar da ya ba ki 15, yadin kowanne ya haura 4,100.

Sai ƙananan kaya da ba a kula da su don ba kullum ake saye ba: zare, roba, allura, ledar sakawa, da tambarin shago idan kina liƙawa. Tara abin da kika kashe musu a wata ki raba da yawan hijabai. Mu ce 150. Haɗa da 500 na tela, hijabi ɗaya ya ci 4,500 kafin ya hau marataya. Abin da ya rage miki a cikin 5,000 shi ne 500, a hijabi 200 kuma 100,000 a wata.

Wannan 100,000 ɗin ma ba taki ba ce tukuna, domin akwai kuɗaɗen da shago ke ci ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Haya sau ɗaya ake biya a shekara, shi ya sa take zuwa kamar ba-zata, alhali kowane wata tana cin 30,000, kusan 1,000 a kowace rana har da ranar da kika rufe shago kika tafi biki. Ƙara kuɗin wuta da man janareta, mu ce 25,000. Kuɗin mai gadi, shara da harajin ƙaramar hukuma, 5,000. Kati, data da cajin tura kuɗi, 4,000. Keken ɗinki ma yana tsufa, yana son mai da gyara, wata rana zai nemi a sake shi, don haka a ware masa 6,000. Jimla 70,000. Raba wa hijabi 200, kowanne ya ɗauki 350.

A nan sai an yi hattara da adadin da ake rabawa da shi. Abin da aka sayar ake ƙirgawa, ba abin da aka ɗinka ba, domin hijabin da ke rataye ba ya biyan haya. Kuma kada ki ɗauki watan azumi ko lokacin komawa makaranta ki ce shi ne ma'auni. Ki buɗe littafi ki haɗa cinikin wata goma sha biyu ki raba. Idan ya nuna 200 ɗin nan na watanni masu albarka ne, matsakaicin kuwa 140 ne, to kason kowane hijabi ya tashi daga 350 zuwa 500.

Yanzu ga wurin da na fi son ki tsaya. Teloli suna karɓar ladansu, mai shago yana karɓar hayarsa, ke da kike yanka kike zama daga safe zuwa magariba ba a rubuta miki ko sisi ba. Tambayi kanki: da rashin lafiya ko haihuwa za ta zaunar da ke gida wata uku, nawa za ki biya wadda za ta riƙe almakashi ta kuma tsare shago? Wannan adadin shi ne albashinki, kuma kuɗin aiki ne kamar na tela. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, to mu ɗauke shi ma'auni. Wani 350 ke nan a kan kowane hijabi.

Haɗa su: 4,500 da 350 da 350. Hijabinki yana tsaya miki a 5,200, kina sayar da shi 5,000. A taƙaice, bayan shago ya ci 70,000 daga cikin 100,000, abin da ya rage miki a wata 30,000 ne, wanda ko rabin ladan aikinki bai kai ba, balle a yi maganar riba. Ke kuma a zuciyarki kina samun 180,000, kuma da wannan zaton kike ɗibar na cefane, na adashi da na gudummawar biki daga aljihun shago. Ba sata ake yi miki ba. Kuɗin haya da jari ne kike kashewa da sunan riba.

To nawa za a ɗora? Malamai da dama sun bayyana cewa shari'a ba ta yanka wani kaso da riba ba za ta wuce ba. Abin da aka hana shi ne algus, ɓoye aibin kaya, da cutar wanda bai san farashi ba. Ni a ganina riba mai adalci a irin kayanki ita ce wadda za ta ɗauki asarar launin da ya ƙi fita da bashin da ya maƙale, ta kuma bar abin ƙara jari. Idan kika sa 6,000, ribarki 800 ce, wato kusan kashi 15 cikin ɗari na abin da kika kashe. Wannan ba zalunci ba ne ga kayan da ke juyawa cikin wata guda. Da kayan suna yin wata uku ko huɗu kafin su fita, da na ce ki ɗora fiye da haka, don kuɗin da ya kwanta ya fi buƙatar riba mai kauri.

Tunda kasuwarmu ta tayi ce, farashi uku za ki riƙe a kai. Akwai wanda kike faɗa da baki, mu ce 6,500. Akwai wanda kike son a sallama a kai, 6,000. Akwai kuma 5,200, wanda ƙasa da shi sai dai ki ce albarka, ko da ƙawar amarya ce. Ki kiyayi ragi da kaso, don yana yaudara. Wanda ya ɗora kashi 20 a kan 5,200 ya sami 6,240. Idan ya zo ya yi ragin kashi 20 yana zaton ya koma inda ya fara, ya sauka a 4,992, ya shiga cikin uwar kuɗi. Dalili shi ne ƙarin an lissafa shi a kan ƙaramin adadi, ragin kuma a kan babba.

Na san abin da za ki ce: maƙwabta 5,000 suke sayarwa, idan na ƙara masu saye za su gudu. Wasu za su gudu, amma duba lissafin. Shago da albashinki suna neman 140,000 a wata. A farashin 5,000, inda kowane hijabi ke barin 500, sai kin sayar da 280 kafin ki fita kunya, ga shi 200 kike sayarwa. A 5,500 kowanne yana barin 1,000, hijabi 140 sun isa. A 6,000 kuwa 94 kacal. Ko da ƙarin 500 ya kori rabin masu sayenki, hijabi 100 a 5,500 za su bar miki 100,000 ɗin nan da 200 ke bari yau, da rabin wahala da rabin jari. Idan kina jin tsoro, fara da 5,500 a kan launukan da aka fi nema, ki ga yadda kasuwa za ta amsa cikin wata biyu. Maƙwabciyar da kike tsoro kuwa, mai yiwuwa a gida take ɗinki ba ta biyan haya, ko yadinta bai kai naki ba, ko ita ma jarinta take ci ba ta sani ba.

Sari daban ne. Idan makarantar Islamiyya ta nemi hijabi 100 a 5,000, za ki iya karɓa, domin duk abin da ya haura 4,500 ƙari ne, amma da sharaɗi biyu: cinikin ɗai-ɗai ya riga ya biya 140,000 na watan, kuma su ba da kafin alƙalami da zai sayi yadin. Inda ake faɗawa rami shi ne a mayar da farashin sari ya zama na kowa.

Saura abu ɗaya da ke cinye jari a ɓoye. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, kuma duk wanda ke shiga Kantin Kwari ya ji a jikinsa. Don haka farashinki ya bi kuɗin da za ki sayo sabon bandir gobe, ba wanda kika sayo na jiya ba. Idan yadi ya tashi daga 1,200 zuwa 1,400, bandir da dako sun zama 71,600, yadin kowane hijabi ya koma 4,475. Ƙarin 625 ke nan, ribarki ta 800 ta koma 175 tun hijaban suna rataye. Ranar da dilanki ya faɗa miki sabon farashi, ranar za ki sake lissafi, har a kan tsofaffin kayan da ke shago.

Daga wannan watan, duk hijabin da ya fita ki cire 150 ki jefa a asusun haya na daban wanda ba ya tare da kuɗin ciniki. Hijabi 200 sun ba da 30,000, wata goma sha biyu sun ba da 360,000. A ƙarshen kowane wata kuma ki ƙirga jarinki da bandir, ba da naira ba: kuɗin hannu da kayan da ke shago, bandir nawa za su sayo a farashin yau? Idan watan jiya goma ne, wannan watan tara, to farashinki bai kai ba, ko kuma hannunki ya yi yawa a aljihun shago.