Yadda lakabi ke ɗaga kuɗin yaji

Tambaya: Ina daka yaji a unguwar Mabera da ke Sakkwato, ina ƙullawa a leda. Masu shaguna a Babbar Kasuwa sun ce ba za su biya fiye da kuɗin ƙulli ba. Me zan canza?

Hajiya, ki bar leda. Ki samu robar gwangwani mai haske, mai murfin da zobensa ke tsinkewa in an buɗe, domin wannan zoben ne ke shaida wa mai saye cewa hannu bai shiga ba. Ki sayi ƙaramin sikeli, kowace roba giram 100 cif. In ɗaya ta cika ɗaya ta gaza, mai shago zai gani.

Lakabin kuwa, kada ki cika shi da ado. Sunan kaya, nauyi, kayan haɗi, ranar dakawa da ta lalacewa, sai lambar wayarki. In akwai ƙuli-ƙuli ki rubuta, don wasu gyaɗa ba ta karɓe su ba. Ki buga a sitika mai leda, saboda zafin Sakkwato na ɓamɓare takarda, maiƙon yaji kuma ya ɓata rubutu.

Kada ki ari lambar NAFDAC ta wani, laifi ne. Ki nemi taki.