Rarraba firakshan: me ya sa (x − 1)² ke cin gurbi biyu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A darasin fashiyal firakshan an ba mu (7x² − 8x + 5) / [(x − 1)²(x² + 1)] mu rarraba. Na rubuta A/(x − 1)² + B/(x² + 1), amma lissafin ya ƙi fita. Ina na kuskure, kuma ta yaya zan san haruffa nawa zan sa tun farko?

Amsa: Barka kadai, ɗalibi. Haruffan da ka tanada ne suka yi kaɗan, shi ya sa ko sau goma ka maimaita aikin ba zai fita ba. Akwai ma'auni ɗaya da nake so ka riƙe: yawan haruffan da ba a sani ba dole ya yi daidai da digirin abin da ke ƙasa, wato fawa mafi girma ta x idan an buɗe dukkan baka. A naka, (x − 1)² digiri 2 ce, x² + 1 ma digiri 2, jimla 4. Haruffa huɗu kake buƙata, kai kuwa biyu ka sa.

Dalilin wannan ƙidaya yana da sauƙin gani. Idan ƙasa digiri 4 ce, abin da ke sama zai iya ɗaukar x³, da x², da x, da lamba zalla. Gurabe huɗu ke nan da za a daidaita hagu da dama, kuma kowane gurbi sharaɗi ne guda. Haruffa biyu ba za su iya cika sharuɗɗa huɗu ba sai dai a yi sa'a.

Kafin a fara raba haruffan, a duba abu ɗaya: digirin sama ya kasance ƙasa da digirin ƙasa. Naka 2 ne a kan 4, babu matsala. Da sun yi daidai ko sama ta fi, sai an fara yin doguwar rabawa, sannan a rarraba ragowar.

Mu ɗauki (x − 1)² tukuna, domin nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Tunda digirinta 2, abin da zai zauna a kanta zai iya kaiwa digiri 1, wato wani abu mai siffar px + q. To, kowane px + q ana iya sake rubuta shi a matsayin p(x − 1) + (p + q). Raba wannan da (x − 1)², sai ka ga ya tsage gida biyu da kansa: p/(x − 1), da kuma (p + q)/(x − 1)². Daga nan ƙa'idar ta fito. Faktar da ta maimaitu tana samun gurbi ɗaya a kowace fawa, daga 1 har zuwa fawarta, kuma lamba zalla ce a kan kowanne. Da (x − 1)³ ce, gurabe uku za ta ci: A/(x − 1), B/(x − 1)², C/(x − 1)³. Na fi so ɗalibaina su ga wannan tsagewar da idonsu sau ɗaya, domin wanda ya gani ba ya sake mantawa da gurbin farko.

Ita kuwa x² + 1 ba ta karyewa zuwa faktoci biyu masu x kaɗai, muddin da lambobin zahiri muke aiki. Hanyar tabbatarwa ita ce a lissafa b² − 4ac daga ax² + bx + c. Idan ya fito ƙasa da sifiri, ba ta karyewa. A nan 0 − 4 = −4. Tunda za ta zauna dunƙule da digiri 2, samanta ma sai an ba shi damar kaiwa digiri 1, wato Cx + D, ba harafi ɗaya ba. Amma ka yi hattara kada ka ɗauki duk mai x² a matsayin marar karyewa. x² − 4 tana karyewa zuwa (x − 2)(x + 2), x² − 2x + 1 kuwa ita ce (x − 1)² a ɓoye. Ka gwada kafin ka rubuta haruffa.

Ga shimfiɗar da ta dace:

```
A/(x − 1) + B/(x − 1)² + (Cx + D)/(x² + 1)
```

Haruffa huɗu, digiri 4. Yanzu ninka ɓangarorin biyu da dukkan abin da ke ƙasa:

```
7x² − 8x + 5 = A(x − 1)(x² + 1) + B(x² + 1) + (Cx + D)(x − 1)²
```

Fara da abin da ke zuwa a sauƙaƙe. Sa x = 1, duk inda x − 1 yake ya zama sifiri. Hagu ya ba da 7 − 8 + 5 = 4, dama ya rage 2B, saboda haka B = 2. Lura da cewa wannan dabarar harafin da ke kan fawa mafi girma kaɗai take bayarwa. A ba zai fito ta nan ba, kuma babu lambar zahiri da za ta mai da x² + 1 sifiri. Sauran ukun sai an kwatanta lambobin da ke gaban kowace fawa. Idan ka buɗe dama a hankali ka jera su, za ka samu:

```
x³:     A + C = 0
x²:     −A + B − 2C + D = 7
x:      A + C − 2D = −8
lamba:  −A + B + D = 5
```

Kada layin farko ya ba ka mamaki. Babu x³ a hagu, ma'ana lambar da ke gabansa sifiri ce, kuma wannan sifirin sharaɗi ne cikakke kamar sauran. Da yawa suna tsallake shi su rasa hanya.

Tunda A + C = 0, layi na uku ya koma −2D = −8, wato D = 4. Layi na huɗu ya zama −A + 2 + 4 = 5, wato A = 1, daga nan C = −1. Layi na biyu ba mu taɓa shi ba, don haka da shi za mu gwada: −1 + 2 + 2 + 4 = 7. Ya yi daidai. Amsar ita ce:

```
1/(x − 1) + 2/(x − 1)² + (4 − x)/(x² + 1)
```

Ina kuma so ka saba da gwaji na biyu, da lambar da ba ka yi amfani da ita ba. Da x = 2, firakshan na asali ya ba da (28 − 16 + 5)/5 = 17/5. Amsarmu ta ba da 1 + 2 + 2/5, shi ma 17/5.

Akwai alamar da za ta sanar da kai cewa shimfiɗa ce ta lalace, ba hannunka ne ya kuɓuce wajen tarawa ba. Da taka shimfiɗar, gurbin x² zai ce A + B = 7, gurbin lamba zalla kuma ya ce A + B = 5. Abu ɗaya ba zai zama 7 kuma ya zama 5 ba. Duk lokacin da sharuɗɗa suka yi karo haka bayan ka tabbatar da buɗe bakanka, ka koma ka ƙirga haruffa. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne wanda yake sa lambobi biyu kawai a madadin x, ya samu A da B, ya tafi abinsa. Shi ba zai ga karon ba sam, domin sharuɗɗa biyu kaɗai ya tambaya. Gwaji da lamba ta uku ne zai tona kuskuren.

Idan faktar da ba ta karyewa ita ma ta maimaitu, ƙa'idojin biyu ne suke haɗuwa. (x² + 1)² za ta ci gurbi biyu, (Cx + D)/(x² + 1) da (Ex + F)/(x² + 1)², haruffa huɗu daidai da digirinta 4. Ka gwada shimfiɗa 1/[x²(x² + 1)²] da kanka ba tare da ka warware ba. Ya kamata ka ƙare da haruffa shida, biyu daga x², huɗu daga ɗayar.