Yadda ake gane waƙar da ta dace da yammacin ruwan sama

Tambaya: Assalamu alaikum. Idan ana ruwa da yamma ina son in zauna in saurari waƙoƙi masu sanyi da ma'ana, in ɗan yi tunani. Amma duk lokacin da na tara waƙoƙin da ba su da sauri, sai wasu su sa ni barci, wasu su bar ni cikin ƙunci, wasu kuma ba na ma jin abin da mawaƙin yake faɗa. Yaya zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rashin saurin kiɗa shi kaɗai ba ya mayar da waƙa ta tunani. Abin da ya kamata ka auna shi ne sararin da waƙar ta bar wa kalmominta, wato ko kunne yana samun damar kama baiti, zuciya kuma ta juya shi kafin na gaba ya iso. Ana iya auna wannan da agogon waya da yatsa.

Ka fara da bugun kiɗan. Ka kunna waƙar, ka riƙa taɓa gwiwarka daidai da bugun da jikinka yake bi da kansa, ka ƙirga na daƙiƙa 15, sannan ka ninka sau huɗu. Idan ka ƙirga 18 a daƙiƙa 15 ɗin, waƙar tana tafiya da bugu 72 a minti ɗaya. Tsakanin 60 da 80 ne ya fi dacewa da irin zaman da kake nufi, domin ya yi kusa da bugun zuciyar mutumin da yake hutawa. Wadda ta yi ƙasa da 60 sosai, musamman idan kalmominta kaɗan ne kuma ana ta maimaita su, ita ce take jan mutum zuwa gyangyaɗi. Ka lura da cewa a wasu waƙoƙin akwai ƙananan kayan kiɗa da suke gudu ninki biyu a saman babban bugun, kuma wanda ya bi su zai ƙirga 144 a inda ainihin tafiyar 72 ce. Babbar ganga ake bi, ko kuma inda muryar mawaƙin take sauke nauyinta.

Daga nan sai ka ƙirga gaɓoɓin kalmomi, kuma a nan ne ainihin bambancin yake fitowa. A ɗauka kana da waƙoƙi biyu, kowacce bugu 72 a minti. Layi ɗaya da ya ɗauki bugu takwas zai ci kusan daƙiƙa bakwai a dukansu. A waƙar farko mawaƙin ya rera gaɓa goma a cikin wannan lokaci, ya ja wasalin ƙarshe, sannan ya yi shiru na bugu huɗu, ya bar jita ko fiyano kaɗai yana tafiya. A ta biyu an cusa gaɓa 24 a cikin bugu takwas ɗin, kuma layi na gaba ya hau kan na baya ba tare da numfasawa ba. Ta farko tana ba ka gaɓa ɗaya da rabi a daƙiƙa, ta biyu kuwa fiye da uku da rabi, wanda ya kusa saurin hira. A ma'aunin bugu daidai suke, amma ta farko ce kaɗai za ta bar ka ka yi tunani, domin a cikin shirun nan na bugu huɗu ne hankali yake komawa kan abin da aka faɗa. Ta biyu tana iya fin ta farko hikima, sai dai waƙar sauraro da kunne a miƙe ce, ba ta zaman nutsuwa ba.

Rashin jin kalmomi kuwa, rabin laifin na ruwan ne. Ƙarar ruwan sama tana bazuwa a kan kusan dukkan matakan sauti, tun daga masu kauri har zuwa sirara, kuma sautin da ya fi ƙarfi yana danne mai rauni da yake kusa da shi. Wasula suna da ƙarfi, saboda haka suna tsira. Baƙaƙe irin su s da sh da f da t ba su da ƙarfi, kuma su ne suke bambanta kalma da 'yar'uwarta. Shi ya sa kake jin muryar tana tashi tana sauka amma ka kasa kama maganar, musamman a ƙarƙashin rufin kwano idan ruwan ya tsananta. Waƙar da aka cika wa murya amsa-kuwwa wajen haɗa sauti ta fi shan wahala, domin jelar kowace kalma tana shafe farkon mai bi mata. Haka ma wadda ake rerawa da raɗa-raɗa, duk da cewa irinta ce mutane suka fi ɗauka a matsayin waƙar ruwan sama. Ka nemi wadda muryar take gaba, a fili, kamar mawaƙin yana zaune kusa da kai, da kayan kiɗa biyu ko uku a bayansa. Ƙara sauti yana iya taimakawa, amma yana gajiyar da kunne. Matso da lasifika kusa ko sanya abin saurare mai rufe kunne ya fi amfani.

Batun ma'ana shi ne ya fi wuyar aunawa, amma akwai gwajin da nake ganin ba ya yaudara: ka karanta baitocin da bakinka, ba tare da kiɗa ba. Kiɗa mai daɗi yana rufa wa rubutu marar nauyi asiri. Baitin da ya ce zuciyata tana cikin baƙin ciki ya faɗa maka sunan abin da ake ji ne kawai, bai bar maka aikin yi ba. Wanda ya ce har yanzu ban ɗauke kujerarka daga bakin taga ba bai ambaci baƙin ciki ba, amma ya sa ka tambayi kanka wane ne ya tafi, yaushe, kuma me ya hana a ɗauke kujerar. Wannan tambayar da ka yi wa kanka ita ce tunanin da kake nema. Sannan ka duba ko waƙar tana motsi. Idan ka kwatanta baitin farko da na ƙarshe, ya kamata ka ga mai maganar ya matsa daga inda ya fara, ko da taku ɗaya ne: ya fahimci wani abu, ko ya haƙura, ko ya yarda da laifinsa. A waƙa mai kyau amshi ba ya canzawa, amma ma'anarsa tana canzawa, saboda baitocin da suka shiga tsakani sun ɗora masa sabon nauyi.

Waƙoƙin da suke barin ka cikin ƙunci yawanci su ne waɗanda ba su da wannan motsi, masu zagaya ciwo ɗaya daga farko har ƙarshe. Ɗaya ko biyu ba su da illa, amma idan aka jera biyar a jere, tunani yana rikiɗewa ya zama saƙe-saƙe. Alamar ita ce ka tarar ka daina jin baitocin, kana ta maimaita wata tsohuwar damuwa taka. Masu amfani da kiɗa wajen kwantar da hankalin marasa lafiya suna da wata ƙa'ida da za ta yi maka aiki: a fara da abin da ya dace da halin da mutum yake ciki, sannan a riƙa matsawa da shi sannu a hankali. A zaman minti 40, wato waƙoƙi takwas ko tara, ka buɗe da biyu masu sauƙin kalmomi, ka sanya mafi nauyin a ta huɗu ko ta biyar, ka bi ta da kiɗa zalla marar murya domin abin ya zauna, sannan ukun ƙarshe su ɗan ƙara bugu zuwa wajen 80 zuwa 90, da baitocin da suke kallon gaba. Ka kashe tsarin da yake cakuɗa jerin waƙoƙi, ka kuma kashe wanda yake ci gaba da kawo makamantansu bayan naka sun ƙare, domin ba lallai ne ya san wadda ta kamata ta biyo bayan mai nauyi ba.