Askin suna: amsar Baffa daga Garwa

"Baffa, Allah ya sauki iyalina lafiya ranar Talata da hantsi, mun samu ɗa namiji. Mai jego ta ce gabanta na faɗuwa in ta tuna za a ɗora aska a kan jaririn kwana bakwai, ga maɗigarsa tana bugawa. Ni ma ban taɓa tsayawa na ga yadda ake yi ba. Dole ne a aske kan duka? Me zan tanada? Ko in kawo injin aski kawai? Ɗanka, daga Kusiri."

Ɗana, barka da arziki. Allah ya raya shi, ya ba mai jego lafiyar shayarwa.

Ba farilla ba ne. Malamanmu na Malikiyya mustahabbi suka ce, a aske gashin ranar bakwai, a yi sadaka da zinariya ko azurfa daidai nauyinsa, kuma in an bari babu zunubi. Tunda bayan fitowar alfijir aka haife shi, ba a lissafa ranar haihuwar, saboda haka Talata mai zuwa ce ranarku. In kuwa za a aske, to a aske duka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a aske wa yaro wani sashe a bar wani. Tukku da zanko da ka ga ana bar wa yara a ƙauye al'ada ce kawai, ba ka da buƙatarsu. Kada kuma wani ya ce maka aski ne ke sa gashi ya fito da kauri, gashin yaro gadonsa yake bi.

Tun ana gobe suna ka sa kakarsa ta duba kan da kyau a wurin haske, ta shafa shi da tafin hannu. Wani jaririn da aka sha wuyar naƙudarsa yakan zo da kumburi mai taushi a gefe ɗaya na kai, jini ne ya kwanta a ƙarƙashi, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya baje. In akwai wannan, ko ƙuraje, ko rauni, ko yaron bakwaini ne, ko jikinsa da zafi, a yanka rago a raɗa suna, aski ya jira. Sunan ya yi, babu abin da ya rage masa.

Wanzami kuma ba kowane mai zabira ba. Ka tambayi matan unguwa wanda ya saba da kan jarirai, sun fi mu sanin mai sanyin hannu. Ni ba na ƙin askar gado, da ita aka aske mu duka, amma ƙarfen da ya bi kawunan mutane da yawa yana iya ɗaukar ciwon hanta daga wannan ya kai wa wancan, gogawa da tsumma kuwa ba ta kashe shi. Ka sayi sabuwar reza da kanka, a ɓare takardarta a gabanka, ya wanke hannunsa da sabulu kana gani. Wanzamin kirki ba zai ji haushi ba, wanda ya ɓata rai kuwa ka sallame shi da goro cikin mutunci. Sauran tanadin kaɗan ne: ruwan da aka tafasa ya huce ya zama ɗumi, sabulun jarirai marar ƙamshi, auduga, farin ƙyalle mai tsabta guda biyu, da hula. Injin aski ban so maka shi ba. Ƙararsa na firgita yaro, bakinsa yakan yi zafi, kuma na shago ya fi askar wanzami yawo a kan jama'a. In mai jego ta kasa sakin jiki da reza, gara a rage gashin ƙasa-ƙasa da ƙaramin almakashi mai tsabta.

A yi da hantsi, rana ta ɗan ɗaga, a cikin ɗaki ko zaure inda iska ba ta kaɗawa. Jariri ta kai yake saurin ɗaukar sanyi, balle in hunturu ya sauko muku a bakin kogin Logon. A ba shi nono ya ƙoshi, ya yi gyatsa, sau da yawa ma yana barci ake gamawa. Kakarsa ko ungozoma ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta kwantar da shi a cinya, jikinsa a lulluɓe, tafinta ɗaya tallafe da ƙeya. Mai jego ta koma wani ɗakin in zuciyarta ba za ta ɗauka ba, amma kai ka tsaya.

Ga abin da za ka sa wa ido. Wanzamin zai gwada ruwan a bayan hannunsa, ya jiƙa gashin, ya murza sabulu ɗan kaɗan, ya dakata gashin ya yi laushi. Busasshen aski shi ke kawo kuka da ƙuraje. Sai ya yi bisimilla ya fara daga dama. Babban yatsan hannun hagunsa yana ɗan miƙar da fatar, rezar kuma a kwance take kusan manne da kai, ba a tsaye ba. Ja gajere-gajere, yana bin inda gashin ya kwanta, yana share bakin rezar a kan farin ƙyallen bayan kowane ja biyu ko uku. Ba ya maimaita wuri ɗaya don neman ƙyalli. Kan jariri ba kan ango ba ne, in ɗan gashi ya saura a bar shi.

Maɗigar da mai jego take tsoro, ƙashi ne bai haɗe ba tukuna, sai yaro ya kai wajen shekara ɗaya da rabi take rufewa. Amma ba a buɗe take ba, akwai fata mai ƙarfi a ƙarƙashi, bugawar da take gani kuma lafiya ce. Abin da ba a so shi ne dannawa. Gwani yakan miƙar da fatar daga gefe, ya wuce ta kanta da sauƙin hannu. Inda aka fi yanka yaro ma ba nan ba ne, bayan kunne ne da lanƙwasar ƙeya, inda fata ke naɗewa. Can zai naɗe kunnen da yatsa, mai riƙo ta ɗan sunkuyar da kan. Da yaro ya fara mutsu-mutsu, a ɗaga reza, a rarrashe shi, sannan a ci gaba.

In an ɗan ƙwarzane shi, a danna auduga mai tsabta a wurin minti biyar ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Kada a sa toka, ko turare, ko garin magani. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan minti goma a jariri ba na gida ba ne, a tafi asibiti a lokacin. Jinin ragon suna ma ba a shafa wa yaro a ka, malamai sun hana.

An gama, a ɗauraye kan da ruwan ɗumi, a tsane shi da ƙyalle na biyu ba gogewa ba, a shafa man kaɗanya mai tsabta ɗan kaɗan, iya abin da zai hana fata bushewa. Tsofaffinmu mata suna da son lafta mai, da zafin Kusiri kuwa yawansa ƙuraje yake jawowa. A sa masa hular auduga marar matsi, a cire ta in zai yi barci ko ɗaki ya yi zafi, kada a fita da shi rana kai a buɗe. Kwana biyu ko uku ku riƙa dubawa. Ɗan ja-ja a ranar farko ba komai ba ne. Amma ja mai yaɗuwa, ko kumburi, ko ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, kada a jira gari ya waye.

Gashin ka bar shi ya bushe a ƙyallen, don jiƙaƙƙe yana ƙara nauyi. Ba ya da yawa, da wuya ya wuce giram ɗaya ko biyu. Ka kai wa maƙerin azurfa a kasuwa ya ɗora a ƙaramin ma'auninsa, ko ka ƙiyasta, ka tambayi kuɗin giram a sefa, ka ƙara a kai ka ba mabuƙaci. Gashin kuma a binne shi a wuri mai tsabta.

Wanzami ka ba shi kuɗinsa da goro da kasonsa na nama. Amma ka faɗa masa tun kafin ya zauna cewa aski kaɗai ka kira shi, domin wasu da sun ajiye reza sai su ce a buɗe bakin yaro a cire beli, ko a yi 'yar tsaga. Belin nan halitta ce, kowa da shi aka haife shi, yanke shi kuwa yana jawo zubar jini da ƙin shan nono. In gwaggwanninka sun matsa, ka ce ni na hana, su kira ni.

Ka gaida mai jego da surukanka. Ka turo mini sunan da kuka zaɓa kafin Talata.