Mai takaba da zuwa likita

Gwaggo, yau kwana 62 da rasuwar Baba. An yi sadakar arba'in, baƙi sun watse, amma Inna sai ƙara lalacewa take. Ba ta ci, ba ta barci, ba ta kula kowa. Na ce a kai ta likita, tsofaffin gida suka ce mai takaba ba ta fita, a bar ta da haƙuri da rubutu. Haka al'adar take?

Ɗiyata, Allah ya ji ƙan babanki, ya sa ya huta. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, kuma abin da aka hana mace a cikinta shi ne ado, turare, maganar aure da kwana a wani gida ba dalili. Fita da rana don lalura malamai sun yarda da ita, ciwo kuwa lalura ne. In tsofaffin sun ƙi ji daga bakinki, kada ki yi musu da su, ki sa yayanki ya tambayi limamin unguwa a gabansu.

Ni ma ƙanena na rasa, na kuma yi tawa takabar shekarun baya, na san baƙin ciki. Zuwa yake yana komawa. In na ga tabarmar da yake zama a zaure sai hawaye su zubo, can jika ya yi wata wauta in yi dariya, in ci tuwona. Tunanina yana kan wanda ya tafi. Abin da likitoci suke kira ciwon damuwa ba ya ɗagawa haka. Yana wuni da mutum kusan kullum, sati biyu ko fiye, ya ɗauke masa daɗin komai, har abin da ba ruwansa da mamacin. Ba shakka sati biyu bayan rasuwa kowa a karye yake, ba na ce a ruga ba. Amma wata biyu, mutum yana yin baya a lokacin da ya kamata ya fara farfaɗowa, wannan abin dubawa ne.

Da na zo ranar Juma'a na lura da ita. Furar da aka dama mata da safe tana nan har la'asar. Zanenta ya yi mata yawa. Matar da ba a shan gabanta wajen lissafin adashi, na tambaye ta wa zai kwasa wannan watan, ta dube ni kawai. Ƙanwarki ta ce tun ƙarfe uku na dare take farkawa, ba ta komawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce ita ta kashe shi da sakaci, ita kaya ce a kanku. Mai baƙin ciki kewar mamaci yake, mai wannan ciwo kansa yake tsana.

Ki zauna da ita ku biyu, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin raba kanta da duniya. Na san nauyin wannan tambaya tsakanin ɗiya da uwa, amma tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ta ce e, ko ta daina shan ruwa, ko tana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, a ranar za a kai ta, kada a bar ta ita kaɗai. Maganin ƙwarin gona da na ɓera da ke ɗakin ajiya, a fitar da su daga gidan tun yau.

Ku fara da likitar unguwa, in ya fi ƙarfinsu su tura ku babban asibiti na nan Maradi. Ta yiwu ta ce ciwon kai da ciwon jiki kawai ke damunta, a ba ta farasitamol ku dawo. Shi ya sa ke za ki faɗi sauran: barcin, abincin, kwana nawa, da maganganun da take yi. Ki tafi da duk magungunan da take sha, har na hawan jini. Za su iya auna jininta, don ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo su ma suna kawo irin wannan kasala. Wani zama da magana da likita ke isarsa, wani sai an haɗa da ƙwaya. In an ba ta, ku sani ba ta aiki kamar maganin zazzaɓi: sai an yi sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Nan mutanenmu suke faɗuwa, kwana goma su ce bai karɓe ta ba, ko su yanke rana ɗaya da ta fara murmushi. Kada kuma wani ya sayo mata tiramol ko ƙwayar barci wurin masu tallar magani.

Rubutu da addu'a a ci gaba da su, ba su hana komai. Ki shirya ta ranar Litinin da safe, da mayafinta ba ado. Zan biyo da ɗan sahu, ni zan yi wa tsofaffin sallama, mu dawo kafin azahar.